Kundin aikin ƙaurar da Windows daga tsohon faifai zuwa SSD da bai kai shi girma ba

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Kwamfutar da aka ba ni aikinta ita ce babbar kwamfutar wani shagon buga takardu da ke cikin garin Sakkwato, inda ake buga kundin ɗalibai da katin gayyata da katin shaida. Kwamfutar tebur ce mai Core i5 ƙarni na huɗu da RAM 8 GB, tana ɗauke da Windows 10 a kan faifai mai juyawa na 500 GB. Ƙorafin mai shagon shi ne nauyi, domin daga danna maɓalli zuwa lokacin da za a iya buɗe aiki takan ci kusan minti uku, kuma da na buɗe Task Manager na tarar da layin Disk a kan kashi 100 alhali Core i5 ɗin yana zaune ba ya yin komai. Alhaji mai shagon ya riga ya sayo SSD, wato faifai marar juyawa, mai SATA na 256 GB kafin ya kira ni.

Yaron da ke zama a kan kwamfutar ya tambaye ni, "Malam, me zai hana a sa sabon Windows kawai a huta?" Amsar tana cikin abin da ke kan kwamfutar. Akwai direbobin firinta uku, ciki har da ta katin shaida wadda faifan direbanta ya ɓace tun da daɗewa, akwai ɗaruruwan salon haruffa na boko da na Larabci da ake amfani da su wajen katunan ɗaurin aure da na walima, akwai tsarin madannai mai ƙ da ɗ da ɓ, sannan akwai manhajoji masu lasisi da babu wanda ya san inda takardar lambobinsu take. Sabon Windows zai tashi tsaf, amma shagon zai yi kwanaki yana neman kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ga kuɗin data na sauke su. Windows ɗin da ke kai kuwa lafiyarsa ƙalau, ba ya faɗuwa, kuma binciken ƙwayar cuta bai nuna komai ba. Da a ce yana da cuta ko yana yawan faɗuwa da ban yarda da kwafi ba, domin kwafi yana ɗauko komai yadda yake, har da lalacewar.

Matsalar da za ta tafiyar da aikin gaba ɗaya ita ce girma. Faifan 500 GB yana fitowa a Windows a matsayin 465 GB, SSD ɗin kuma 238 GB, saboda masu ƙera faifai suna lissafi da 1000 yayin da Windows ke lissafi da 1024. Ɓangaren C: ya mamaye kusan dukkan tsohon faifan, kuma akwai kaya na 312 GB a cikinsa. Ke nan ko kayan ba za su shiga ba, balle ɓangaren da kansa.

Na duba abubuwa uku kafin in tashi. A `msinfo32` layin BIOS Mode ya nuna UEFI, umarnin `Get-Disk` a PowerShell ya nuna tsarin faifan GPT ne, sannan `manage-bde -status` ya nuna BitLocker a kashe yake. Na ukun yana da muhimmanci ƙwarai, domin manhajar kwafi ba ta iya gane wurin da ke da kaya da wurin da babu a cikin ɓangaren da aka kulle, sai dai ta kwafe shi dukkansa, kuma hakan ba zai yiwu ba idan inda za a kai bai kai shi girma ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau na duba lafiyar tsohon faifan da CrystalDiskInfo, sai ya nuna Caution da launin rawaya. Layuka biyu ne suka jawo hakan. Layin `05`, wato Reallocated Sectors Count, yana da `000000000018` a ginshiƙin Raw Values, kuma da yake manhajar tana nuna lambar ne a lissafin tushe 16, ma'anarsa sekta 24 ne faifan ya riga ya fitar daga aiki ya musanya su da na ajiya. Layin `C5`, Current Pending Sector Count, yana da 8, kuma waɗannan su ne abin damuwa a wurin mai kwafi, domin sekta ne da faifan ya kasa karantawa kuma bai musanya su ba tukuna. Duk manhajar da ta zo wucewa ta kansu za ta ci karo da kuskuren karatu. Zafin faifan ya kai digiri 49, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a Sakkwato cikin Afrilu, a shagon da ƙurar hunturu ta toshe wa kwamfuta ƙofofin iska. Na buɗe murfin, na busa ƙurar, na juyo da fankar tebur tana kallon cikinta, kuma a haka za ta zauna har a gama aikin.

Hanyar da zan bi tana buƙatar in taɓa tsohon faifan, in goge kaya, in rage girman C:, alhali shi kaɗai ne wurin da Windows ɗin shagon yake. Saboda haka aikin farko shi ne ɗaukar cikakken hotonsa, wato kwafinsa sukutum da za a iya mayarwa idan abu ya ɓaci, a kan faifan waje na 1 TB tun ban canza komai ba. Abu ɗaya kawai na yi a cikin Windows kafin nan, a Command Prompt da izinin Administrator:

```
powercfg /h off
```

Wannan yana kashe Hibernate tare da Fast Startup. Idan Fast Startup yana kunne, Shut down ba ya rufe NTFS, tsarin fayilolin Windows, gaba ɗaya, sai ya bar shi a halin rabin barci, kuma hoton da aka ɗauka a wannan hali ba abin dogaro ba ne.

Na tayar da kwamfutar daga filashin Clonezilla, manhajar kwafin faifai, na zaɓi `device-image`, sai `local_dev`, sai `Expert`, sai `savedisk`, na kuma sanya alama a kan `-rescue` domin ya tsallake wurin da ya kasa karantawa ya ci gaba maimakon ya tsaya. Clonezilla ba ya kwafar faifai sekta bayan sekta idan ya san tsarin fayilolin, wuraren da ke da kaya kawai yake ɗauka, don haka 312 GB ya karanta ba 465 ba. A wuri ɗaya ya yi jinkiri ya rubuta kuskuren karatu a allo, sannan ya wuce. Na bar shi ya yi binciken hoton a ƙarshe duk da cewa ya ƙara mana lokaci, domin hoton da ba a gwada ba ba a san ko zai dawo ba. Mun rufe shago bayan Isha'i.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kuskuren jiya ya nuna cewa sekta takwas ɗin nan suna cikin wani fayil, ba a fili mara kaya ba, kuma ina buƙatar sanin ko na Windows ne. Tunda hoto yana hannu, yanzu zan iya barin `chkdsk C: /r` ya wahalar da faifan, abin da ba zan yi ba kafin ɗaukar hoton, domin wannan umarni yana karanta kowane lungu na ɓangaren kuma faifan da ke gab da mutuwa yana iya ƙarasawa a cikinsa. Ya nemi a sake tayar da kwamfutar, ya ci sama da awa uku. Rahotonsa, wanda ake samu a Event Viewer ƙarƙashin Application da sunan Wininit, ya ce ya musanya wurin da ya lalace a cikin wani bidiyon biki da ke foldar ayyukan 2021, kuma ya nuna 4 KB a layin sektocin da suka lalace. Lissafin ya yi daidai, domin sekta 8 sau bayit 512 ya ba da 4096, wato gungu ɗaya na NTFS. Windows bai taɓu ba, bidiyon kuma yana buɗewa da ɗan tsalle a wuri guda.

Daga nan sai rage kaya. Na zauna da Alhaji muka bi foldoji, domin ba ni ne zan yanke hukuncin abin da shago ke buƙata kullum ba. Bidiyoyin bukukuwa da ayyukan shekarun baya sun kai 158 GB, aka mayar da su faifan waje a folda dabam da ta hoton, na buɗe wasu daga cikinsu a can kafin in goge na cikin kwamfutar. Disk Cleanup ya kwashe tarkacen sabuntawa da na wucin gadi. Kayan da suka rage sun zama 141 GB, wanda zai bar wa SSD ɗin sarari na kusan 97 GB.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Rage kaya bai rage ɓangaren ba. C: yana nan da faɗinsa na 464 GB da ɗoriya, kuma Clonezilla yana duba faɗin ɓangare ne, ba yawan kayan cikinsa ba, domin yana mayar da kowane gungu a daidai matsayin da ya same shi. Fayil ɗin da ke zaune a giga na 300 ba shi da mazauni a faifan da ya ƙare a 238. Akwai zaɓin `-icds` da ke hana shi duba girman faifan da za a kai, amma hana dubawa ba ya ƙara wa faifai faɗi, kuma wanda ya sanya shi ba tare da ya rage ɓangaren ba zai samu kwafin da aka datse.

Na buɗe Disk Management, na zaɓi Shrink Volume, sai ya ce iyakar abin da zai iya shi ne ya mayar da C: kusan 271 GB, duk da cewa kayan 141 GB ne kawai. Dalili shi ne Windows yana iya matsar da fayiloli na yau da kullum zuwa farkon ɓangaren, amma akwai waɗanda ba ya iya ɗagawa yana cikin aiki, kuma ragewar tana tsayawa a kan na ƙarshensu. Kamar mai son jawo katangar gidansa ciki ne, kayan tsakar gida duk za su matsa, amma inda rijiya take nan katangar za ta tsaya. Ba sai an yi ta canke ba wajen gano wane fayil ne, domin duk lokacin da aka buɗe Shrink Volume, Windows yana rubuta sunansa a Event Viewer, ƙarƙashin Application, da sunan Defrag da lamba 259. A karon farko sunan da ya fito yana cikin `System Volume Information`, wato ajiyar System Restore, don haka na kashe System Protection na C: na goge ajiyarsa. Iyakar ta sauko zuwa 243 GB, lamba 259 kuma ta nuna `pagefile.sys`, fayil ɗin da Windows ke amfani da shi a matsayin ƙarin RAM. Na shiga saitin Virtual memory na zaɓi No paging file, na sake tayar da kwamfutar, sai iyakar ta faɗo ƙasa da 160 GB. Da gungun nan da ya lalace yana can nesa a ƙarshen ɓangaren, da shi ma ya zama abin da ba ya ɗaguwa, amma ya faɗo a cikin yankin da za mu riƙe.

Ban matse shi har iyaka ba. Na daidaita lambar har layin Total size after shrink in MB ya nuna 204800, wato 200 GB cif, wanda ya fi kayan yawa sosai kuma bai kai 238 ba.

Wannan shi ne matakin da ya fi tsoron ɗaukewar wuta a aikin duka. Idan wuta ta ɗauke ana cikin kwafi, tsohon faifan karanta shi kawai ake yi, sai a sake farawa. Idan ta ɗauke ana cikin ragewa kuwa, ana tsakiyar sake rubuta tsarin NTFS ne a kan faifan asali. Na jira har rana ta take batirin sola ya cika, na cire firinta mai leza da na'urar lamineshin daga layin, sannan na danna Shrink. Ya gama lafiya, Windows ya tashi, `chkdsk C:` bai ga kuskure ba.

Abu na ƙarshe a yau shi ne ɓangaren Recovery, wanda ke zaune a ƙarshen tsohon faifan bayan C:, wato a wajen giga na 465, inda SSD ɗin bai kai ba. Ba zan kwafe shi ba. Na ba da wannan umarni:

```
reagentc /disable
```

Yana ɗauko fayil ɗin `Winre.wim` daga wancan ɓangare ya ajiye shi a `C:\Windows\System32\Recovery`, don haka zai bi C: zuwa sabon faifan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Jiya Juma'a shagon ya yi aikinsa a kan tsohon faifan, ba mu taɓa komai ba, sai dai na roƙi yaron kada ya buɗe manyan ayyuka da yawa a lokaci guda tunda `pagefile.sys` a kashe yake. Yau da safe muka rufe ƙofa domin kwafin.

Na yanke shawarar ba zan yi kwafin faifai zuwa faifai ba. Zan yanka SSD ɗin da hannuna, in kwafi C: shi kaɗai, sannan in gina fayilolin tashi sababbi. Hanyar ta fi tsawo, amma tana kawar da rigimar teburin GPT, wanda ke ajiye kwafinsa na biyu a ƙarshen faifai, da rigimar Recovery, kuma kowane faifai yana zama da lambobin shaidarsa. A kwafin faifai sukutum lambobin sukan zama iri ɗaya, sai Windows ya mayar da ɗayan Offline idan an haɗa su tare.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya sa ban taɓa haɗa SSD ɗin da Windows ɗin shagon yana kunne ba. Windows yana riƙe da jerin haruffan da ya ba kowane ɓangare a rajistarsa, a `HKLM\SYSTEM\MountedDevices`. Idan aka yanka SSD a cikinsa ya ba sabon ɓangaren harafin E:, wannan rubutu zai shiga rajistar, rajistar kuma za ta bi kwafin. Ranar da Windows ya tashi daga SSD zai duba jerin ya ga ɓangaren da yake kai sunansa E:, alhali dukkan manhajoji suna neman C:, sai a ƙare da baƙin allo da kibiyar linzami kawai bayan tambarin Windows. Saboda haka na zare wayoyin tsohon faifan gaba ɗaya, na haɗa SSD ɗin, na tayar daga filashin girka Windows ta layin da ke da UEFI a gaban sunansa, na danna Shift da F10 domin Command Prompt ya fito, na shiga `diskpart`. Umarnin `list disk` ya nuna Disk 0 mai 238 GB da filashin, babu na uku da zan goge bisa kuskure.

```
select disk 0
clean
convert gpt
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
create partition msr size=16
create partition primary
list partition
```

Jerin ya nuna ɓangarori uku: System, Reserved da Primary na 238 GB. Ban yi wa na ukun fomat ba, domin kwafin zai rubuta NTFS ɗinsa a kai.

Na kashe, na mayar da tsohon faifan a wata tashar SATA, na tayar daga Clonezilla, na bi `device-device`, `Expert`, `part_to_local_part`. A nan ne mutum zai iya hallaka aikin duka da danna ɗaya, domin Clonezilla ba ya amfani da C: ko D:, sunaye irin su `sda3` da `sdb3` yake nunawa, kuma wanda ya zama `sda` ya danganta ne da tashar da aka soka shi. A wurinmu SSD ɗin ne ya zama `sda` saboda yana tashar farko, tsohon kuma `sdb`, akasin abin da hannu ya saba. Na bi girma da nau'i: tushe shi ne `sdb3` mai NTFS, wanda Clonezilla ya nuna girmansa 200G, inda za a kai kuma `sda3` mara tsarin fayil. Na sa yaron ya karanta mini layin gargaɗin da babbar murya kafin in amsa da `y` sau biyu.

A cikin zaɓuɓɓuka na sake sanya `-rescue`, tunda wurin da ya lalace yana nan a jikin tsohon faifan, na tabbatar `-k` ne aka zaɓa domin kada ya taɓa teburin da na yanka, na kuma cire alamar `-r`, wanda ke faɗaɗa tsarin fayil ya cika sabon ɓangare. Na fi son Windows ya yi faɗaɗawar da kansa daga baya, domin NTFS ɗin yana ɗauke da rubutun gungun da ya lalace. Kwafin ya ci kusan rabin awa, saurinsa kuma saurin tsohon faifan ne, SSD ɗin jira kawai yake yi.

Da ya gama na kashe kwamfutar, na sake zare tsohon faifan. Wannan ba zaɓi ba ne, domin idan yana nan a tashin farko, rajistar za ta ba ɓangarensa harafin C: kamar yadda ta saba, Windows ya tashi rabi daga nan rabi daga can. Ɓangaren EFI na SSD ɗin, inda fayilolin tashi ke zama, fanko ne har yanzu, don haka na koma filashin Windows, na shiga `diskpart`, na duba `list volume`, inda kwafin ya fito da harafin C: ƙaramin ɓangaren FAT32 kuma ya fito a matsayin Volume 2.

```
select volume 2
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI
```

Ya amsa da Boot files successfully created. Da na kwafo tsohon ɓangaren EFI maimakon wannan, da fayil ɗin BCD da ke cikinsa yana nuni ne ga lambar shaidar tsohon C:, kuma sakamakon da aka saba gani shi ne shuɗin allo mai lamba `0xc000000e`, wanda maganinsa dai shi ne wannan `bcdboot` ɗin. Ban taɓa saitin SATA a cikin BIOS ba, na bar shi a kan AHCI yadda na same shi, domin sauya shi bayan an girka Windows yana kawo INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, kuma mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan kwafin.

Na zare filashin na kunna. Allon Desktop ya fito da hotonsa na da da alamomin manhajoji a inda suke, cikin daƙiƙa 24. Alhaji ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Malam, har ta tashi ke nan?" Na ce masa ta tashi, amma kada a ɗora mata aikin mutane sai gobe.

Lahadi, 13 ga Afrilu

File Explorer yana nuna C: a matsayin 200 GB, Disk Management kuma yana nuna 238 GB, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa, domin ɓangaren 238 ne amma NTFS ɗin da ke cikinsa bai san an ƙara masa fili ba. Kafin faɗaɗawa na fara da `chkdsk C: /b`. Kwafin ya zo da jerin gungun da suka lalace na tsohon faifan, don haka rahoton yana ta nuna 4 KB da suka lalace a kan SSD sabo fil, kuma `/b` ne ke share wannan jeri ya sake gwada wuraren. Bayan an sake tayarwa layin ya koma 0 KB. Sannan a `diskpart` na ba da `select volume C` da `extend filesystem`, File Explorer ya koma nuna 238 GB da sarari 97 GB.

Sai gwaje-gwajen da suka shafi SSD kansa:

```
fsutil behavior query DisableDeleteNotify
wmic partition get Name,StartingOffset
```

Na farko ya ba da 0 a layin NTFS, kuma da yake tambayar a juye take, 0 na nufin TRIM yana aiki, wato Windows yana sanar da SSD wuraren da aka goge domin ya share su tun kafin a buƙace su. Na biyun ya nuna ɓangaren farko ya fara a 1048576, kuma lambar kowane ɓangare tana rabuwa da 4096 ba saura. Idan ba ta rabuwa, kowane rubutu na 4 KB yana hawa shafi biyu na SSD, sai sauri ya ragu. An fi gamuwa da wannan a kwafin faifan da aka yanka tun zamanin Windows XP, wanda ke fara ɓangare a sekta na 63. A Optimize Drives, layin Media type ya nuna Solid state drive.

Na mayar da abubuwan da na kashe ranar Alhamis. Virtual memory ya koma hannun Windows, System Protection ya dawo da iyakar kashi 5 na faifan, `reagentc /enable` ya yi nasara kuma `reagentc /info` ya nuna Enabled, a wannan karon a cikin C: tunda babu ɓangare na musamman. Hibernate na bar shi a kashe, domin kwamfutar da ke tashi cikin daƙiƙa 24 ba ta buƙatarsa, kuma fayil ɗinsa yana cin giga da dama.

Lasisin Windows bai motsa ba, shafin Activation yana nuna yana aiki, kasancewar lasisin yana ɗaure ne da na'urar, musamman babban allonta, kuma canza faifai kaɗai ba ya warware shi. Firinta uku duk sun buga shafin gwaji, wani tsohon katin walima ya buɗe da rubutun Larabcinsa daidai ba tare da an musanya masa salon haruffa ba. Manhaja ɗaya ce ta ƙi, ta tsara katin shaida, wadda ta buɗe ta nemi a sake ba ta lambar lasisi. Lambar ɓangaren da `vol C:` ke nunawa ta biyo kwafin ba ta canza ba, don haka alamu sun nuna manhajar tana duba lambar da aka ƙera faifan da ita ne, wadda ke jikin na'urar kuma babu kwafin da ke ɗauko ta. Alhaji ya kira wanda ya sayar masa da ita, ya karanta masa lambar da ke allo, aka ce za a turo sabuwa gobe.

Laraba, 16 ga Afrilu

Lambar lasisin ta iso ranar Litinin da yamma, an buga katunan wata makaranta a ranar Talata ba tare da tangarɗa ba. Layin Disk a Task Manager yana zama ƙasa da kashi 10 a yawancin lokaci, kuma yanzu idan aka buɗe babban aikin zane tare da burauza, RAM ɗin 8 GB ne ke cika. SSD ɗin yana karatu a wajen 500 MB a daƙiƙa, kusa da iyakar SATA III, amma abin da yaron ke ji a hannunsa shi ne saurin buɗe ƙananan fayiloli barkatai, inda faifai mai juyawa ke ɓata lokaci wajen kai allurarsa daga wuri zuwa wuri.

Tsohon faifan yana cikin durowar Alhaji a cikin ledar SSD ɗin, na rubuta kwanan wata a jikinsa, kuma ba za a goge shi ba sai bayan wata guda, domin har yanzu yana iya tayar da kwamfutar idan aka mayar da shi. Alhaji ya so a sa shi a matsayin faifai na biyu domin ajiyar bidiyo, na ce masa faifan da ya musanya sekta 24 kuma wasu 8 suka gagare shi karantawa ba wurin ajiyar aikin mutane ba ne. Na kuma nuna masa cewa ayyukan 158 GB da muka fitar suna da kwafi a cikin hoton ranar Talata, amma hoton da foldar duk suna kan faifan waje guda, don haka ana buƙatar wani faifan kafin a goge komai.

Abin da ya rage a jerin aikin shi ne Windows 10 kansa, wanda Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarewar tallafinsa, kuma Core i5 ƙarni na huɗu ba ya cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa a hukumance. Mun ajiye maganar zuwa bayan Babbar Sallah. Kafin nan zan ɗauki sabon hoton SSD ɗin da `savedisk` ranar Asabar mai zuwa, in kuma fara tattara direbobin firintocin a folda guda da `pnputil /export-driver * D:\direbobi`, bayan na ƙirƙiri foldar `direbobi` a D:, wanda shi ne faifan waje.